Kamfani ko tsayuwa da ƙafarka: ina kuɗin sauraren waƙa ke tafiya?

Ɗan ƙanwata ya same ni a Tudun Wada bayan sallar isha'i da takardu biyu a hannunsa. Shekara uku ke nan yana waƙa, yana shiga situdiyo a Sabon Gari duk lokacin da ya tara ɗan abin da zai biya, kuma waƙarsa ta baya-bayan nan ta fara zagaya wayoyin ɗalibai a Samaru da Kongo. Wasu kamfanonin waƙa biyu sun neme shi. Na farko ya ce zai ba shi kafin alƙalami na naira miliyan 1, ya ɗauki nauyin aiki, sannan ya riƙa ba shi kashi 20 cikin 100. Na biyu ya ce shi ma zai ba da miliyan 1, amma riba za a raba biyu. Abokansa kuwa suna ce masa ya bar su duka, ya ɗora waƙarsa da kansa ya cinye kuɗinsa shi kaɗai.

Ya ce da ni, "Kawu, wanne ya fi? Ni dai na ga 50 ta fi 20, 100 kuma ta fi 50."

Na ce masa ya zauna tukuna, domin kaso ba ya faɗa maka komai sai ka san kason mene ne, bayan an cire me, kuma har zuwa yaushe. Na daɗe ina riƙe wa wasu mawaƙa lissafin abin da ke shigo musu daga manhajojin saurare, kuma abin da na bayyana masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan.

Abu na farko da yawancin mawaƙanmu ba su sani ba shi ne, kowace waƙa da ka ji a waya dukiya biyu ce a haɗe. Akwai ita waƙar kanta, wato baitoci da kari da tsarin kiɗa, wadda mallakar wanda ya ƙirƙira ce. Akwai kuma naɗin da aka yi a situdiyo, wato wannan muryar da wannan kiɗan kamar yadda aka ɗauke su a ranar. Mu mutanen Zazzau bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Imfiraji ta Aliyu Namangi ce ko wa ya rera ta, amma in wani ya shiga situdiyo ya naɗi tasa rerawar, wannan naɗin wani abu ne daban da baitocin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ita ma ta raba su: waƙar tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, naɗi kuwa shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi.

Kuɗin saurare ma ta bututu biyu yake fita. Lokacin da wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya binciki wannan harka ya fitar da rahoto a Yulin 2021, rabon da aka yi ta ambata shi ne, a kowace naira 100 da mai saurare ko mai talla ya biya, kimanin 30 tana zama wurin manhajar, 55 tana zuwa ga masu naɗi, 15 kuma ga masu waƙar. Adadin yana ɗan motsawa daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma daga manhaja zuwa manhaja. Spotify tana cewa kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ta samu take miƙa wa masu haƙƙi, Apple Music ta taɓa bayyana cewa kashi 52 take ba masu naɗi, a Amurka kuma hukuma ta tsayar da kason masu waƙa a 15.1 a 2023, yana hawa a hankali zuwa 15.35 a 2027. Amma 30 da 55 da 15 sun isa mu yi lissafi da su.

Na ce masa ya lura da kyau, a cikin wannan rabo babu inda aka ce "mawaƙi". Manhaja ba ta san mai murya ba. Wanda ya kai mata naɗin take biya, ko kamfani ko dillalin da ke ɗora waƙoƙi. Abin da mai murya zai samu daga naira 55 ɗin nan takardar da ya sa wa hannu ce kaɗai ke yanke shi. To wannan 55 ita ce ake ciniki a kai a duka hanyoyin ukun da ke gabansa.

Kafin mu shiga lissafi sai da na cire masa wata fahimta da ta zauna a kan matasa, wai kowane saurare yana da tsayayyen farashi. Babu shi. A Spotify, in mutum ya saurara daƙiƙa 30 an ƙirga ɗaya. A ƙarshen wata ana tara kuɗin da aka samu a kowace ƙasa, a cire na manhaja, a raba sauran gwargwadon yawan sauraren da kowa ya samu a ƙasar. In waƙoƙinka sun ci kashi ɗaya cikin dubu na duk sauraren Najeriya a watan, kashi ɗaya cikin dubu na tukunyar Najeriya ne naka. Tukunyar nan kuwa ƙarama ce. A ƙarshen 2024 kuɗin wata na mutum ɗaya a Najeriya naira 1,300 ne, bai kai dala ɗaya ba, alhali a Amurka dala 11.99 ake biya a lokacin. Shi ya sa Bahaushe ɗaya da ke saurare daga Landan zai iya kawo maka abin da mutum da yawa a Kwangila ba su kawo ba. Ga shi kuma jama'armu da dama ba ta manhaja suke ji ba, wurin masu turi a kasuwa ake zuba musu a waya, wannan kuwa ko sisi ba ya haifarwa. Waƙa tana iya cika gari, a ji ta a kowane shago daga PZ zuwa Ƙofar Doka, kuɗinta na intanet bai taka kara ya karya ba.

Sai muka ɗauki biro. Na ce mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, waƙoƙin da zai fitar sun jawo naira miliyan 10 daga masu saurare da masu talla cikin shekara biyu. Manhajoji sun riƙe miliyan 3. Ɓangaren naɗi ya samu miliyan 5 da dubu 500. Ɓangaren waƙa ya samu miliyan 1 da dubu 500. Kuɗin aiki kuma, wato situdiyo da mai kiɗa da mai amshi da bidiyo da talla, mu ce miliyan 1 da dubu 500.

Mu fara da kamfanin farko, mai kashi 20. A shafi na uku na takardarsu akwai jimlar da ta ce kafin alƙalami da kuɗin aiki duk za a mayar da su daga kason mawaƙi. Wannan jimlar ita ce zuciyar kwantiragin. Ma'anarta, ranar da ya sa hannu an rubuta masa bashin miliyan 2 da dubu 500: miliyan 1 da aka ba shi a hannu, da miliyan 1 da rabi da aka kashe a aiki. Kuma ba daga duk kuɗin da ya shigo za a biya bashin ba, daga kashi 20 ɗinsa ne kawai. Kashi 20 na miliyan 5 da rabi miliyan 1 da dubu 100 ne. An zuba shi a bakin bashi, saura miliyan 1 da dubu 400. Bayan shekara biyu kamfani ya karɓi miliyan 5 da rabi, ya mayar da duk abin da ya kashe, ya ci ribar miliyan 3, amma takardar lissafin da zai aiko wa yaron za ta nuna har yanzu ana bin sa. Kafin ya ga naira ɗaya ta ƙari sai naɗin ya kawo miliyan 12 da dubu 500. Abin da ya shiga aljihunsa ke nan miliyan 1 ɗin farko, shi ke nan.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, wannan ai cuta ce." Na ce masa a'a, kada ya yi saurin yanke hukunci. Haka manyan kamfanonin duniya suka daɗe suna yi, kuma akwai dalili. A irin wannan kwantiragi, in waƙar ba ta karɓu ba, yawanci ba a zuwa gidanka a ce ka dawo da kafin alƙalami. In naɗin ya kawo dubu 500 kacal, kamfani ya yi asarar miliyan 2, kai kuwa miliyan ɗinka tana hannunka. Suna cin riba mai yawa a kan wanda ya yi nasara ne don su rufe asarar waɗanda ba su yi ba. Sai dai a duba ko takardar ta faɗi haka ƙarara, domin na taɓa ganin wadda aka rubuta kafin alƙalamin a matsayin rance da za a biya ko an samu ko ba a samu ba. Wannan ba kwantiragin waƙa ba ne, bashi ne da aka ɗora masa ƙwace haƙƙi.

Abin da ya fi damuna a takardar farko ba kashi 20 ba ne. Ta ce naɗin ya zama mallakar kamfani har abada. Wato ko bashin ya biyu daga kasonsa, ko ya zama da guminsa aka biya situdiyo da bidiyo, faifan ba zai dawo masa ba. Kamar ka biya kuɗin gina ɗaki a hankali daga albashinka, ka gama biya, a ce ɗakin na wanda ya ranta maka ne.

Kamfani na biyu lissafinsa daban ne. Ana cire kuɗin aiki daga kan duk abin da ya shigo, ba daga kason mawaƙi kaɗai ba. Miliyan 5 da rabi a cire miliyan 1 da rabi, saura miliyan 4. A raba biyu, kowa miliyan 2. Daga nasa a cire miliyan 1 da aka riga aka ba shi, a cika masa miliyan 1. Jimilla ya samu miliyan 2, ninki biyu na abin da na farko zai ba shi. Kuma takardarsu ta ce aron naɗin suke yi na shekara biyar, bayan nan ya koma hannunsa.

A nan ma akwai rami, kuma yana cikin kalmar "kuɗin aiki". In ba a ƙayyade ta ba, komai yana iya shiga ciki: man motar manaja, kuɗin otal a Kano, hayar ofis, kyautar da aka ba masu rawa a bidiyo. Rabin riba ba shi da amfani in an tsara lissafi yadda riba ba za ta taɓa fitowa ba. Na ce masa ya nemi a rubuta iyakar abin da za a kashe, a kuma rubuta cewa duk kashewar da ta wuce wani adadi, a ce dubu 100, sai da amincewarsa a rubuce. Ya kuma tambaya ko akwai wata la'adar rarrabawa da kamfanin ke cirewa tun kafin a fara lissafi, domin wasu suna cire kashi 15 ko 20 da wannan suna, sannan su raba sauran biyu. In sun yi haka, rabin nan ya tashi daga rabi.

Hanya ta uku ita ce ta abokansa. Mutum ba ya iya ɗora waƙa kai tsaye a Spotify ko Apple Music, sai ta hannun dillali. DistroKid da TuneCore suna karɓar kuɗin shekara su bar maka duk abin da manhajojin saurare suka biya. CD Baby tana karɓar kuɗi sau ɗaya a kan kowace waƙa ko kundi, sannan ta riƙe kashi 9. Bambancin yana da muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi: a tsarin kuɗin shekara, in katinka ya ƙi biyan dala wata shekara, ana iya sauke waƙoƙinka, kuma duk wanda ya yi fama da katin banki a Najeriya ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Mu yi lissafi da kashi 9. Daga miliyan 5 da rabi dillali ya ɗauki dubu 495, saura miliyan 5 da dubu 5. A cire kuɗin aiki da ya kashe daga aljihunsa, ya tashi da kimanin miliyan 3 da rabi, naɗi kuma nasa ne tun ranar farko.

Miliyan 1, miliyan 2, miliyan 3 da rabi. Yaron ya yi murmushi ya ce to ai magana ta ƙare. Na ce ba ta ƙare ba, domin mun yi wa lissafin alfarma biyu. Mun ɗauka yana da miliyan 1 da rabi da zai zuba, alhali ba shi da ita. Mun kuma ɗauka waƙar za ta yi nisan da za ta yi a hannun kamfani ko da shi kaɗai yake tura ta. Tambayar gaskiya ita ce, nawa kamfanin zai ƙara masa masu saurare? Muka juya lissafin. In ya tsaya da kansa, naɗin yana bukatar ya kawo miliyan 2 da dubu 750 ne kawai, wato rabin abin da muka ƙaddara, ya riga ya kamo abin da kamfanin farko zai ba shi. Don ya kamo na biyu kuwa sai ya kawo kimanin miliyan 3 da dubu 850, kashi 70 ke nan. Saboda haka kamfanin farko ba shi da amfani a gare shi sai in zai ninka masa masu saurare fiye da sau biyu, na biyu kuwa ya isa in zai ƙara masa kusan rabi a kan abin da zai samu shi kaɗai. Wannan abu ne da ake iya bincikawa. Na ce ya duba mawaƙan da kowane kamfani ya ɗauka shekara biyu da suka wuce, ya ga inda suke a da da inda suke yanzu, ya kuma nemi ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi ko ana aiko masa takardar lissafi a kan lokaci.

Mai tsayuwa da kansa yana da wasu duwatsu a hanya da abokan nasa ba su faɗa masa ba. Tun Afrilun 2024, waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ta biyan kuɗin naɗinta. Dillalan nan na Amurka za su sa ka cika takardar haraji mai suna W-8BEN, kuma da yake babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, ana riƙe kashi 30 na kuɗin da ya fito daga sauraren Amurka. Kuɗin wata kuma ba ya isowa sai bayan wata biyu ko uku. Mafi haɗari su ne masu zuwa su ce ka ba su dubu kaza su samo maka saurare dubu ɗari. Na'ura ce ke saurare ba mutane ba, manhajoji suna ganewa, su soke ƙirgen, su ci tarar dillali, dillali kuma ya cire daga kuɗinka ko ya rufe maka asusu. Alamarsa a bayyane take: dare ɗaya waƙar Hausa ta samu dubban saurare daga wani birni da ba ka san Bahaushe ko ɗaya a cikinsa ba, kuma babu wanda ya adana ta ko ya bi shafinka.

Akwai wata magana da ta fi shafar mu fiye da mawaƙan Legas, ita ce YouTube. Waƙar Hausa a nan ta fi samun jama'a, sai Audiomack da Boomplay, kafin a zo Spotify da ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021. YouTube tana ba mai tasha kashi 55 na kuɗin tallan dogon bidiyo, bayan tashar ta kai masu bi 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Mai tasha ake biya. In bidiyonka yana tashar kamfani, kuɗin da masu bin duk na kamfani ne, kuma ranar da kuka rabu ka fita hannu rabbana ko da an mayar maka da naɗi. Sannan akwai Content ID, tsarin da ke gano waƙarka a bidiyon wasu, kamar na biki ko na masu rawa, ya karkato da kuɗin tallan zuwa ga wanda ya yi rajistar naɗin. Takardu biyun da ya kawo babu wadda ta faɗi a tashar wa za a ɗora bidiyo ko wa zai riƙe Content ID. Na ce kada ya sa hannu a ko ɗaya sai an rubuta.

Sai muka dawo kan miliyan 1 da rabi da muka ajiye gefe, kuɗin waƙar kanta. Na tambaye shi wa ya rubuta. Ya ce shi ya yi amshi da kari, wani abokinsa ɗalibin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ya rubuta yawancin baitoci, mai kiɗa kuma ya haɗa kiɗan daga tushe. To mutum uku ne masu wannan dukiya, kuma doka ba ta yanke musu kaso ba, su za su zauna su yanke. A ce sun amince da 40, 40, 20. Wannan kuɗi dillalin naɗi ba ya karɓo shi. Yana bi ta ƙungiyoyin karɓar haƙƙi na kowace ƙasa, kamar MCSN a Najeriya, ko MLC da ta fara aiki a Amurka a Janairun 2021, kuma kashi biyu ne, na kunnawa ga jama'a da na kwafi. Marubuci yana shiga ƙungiya ya samu lambar IPI, a yi wa waƙar rajista ta samu lambar ISWC, a haɗa ta da lambar ISRC ta naɗin. In ba a yi wannan haɗin ba, kuɗin yana zaune babu mai shi, bayan wasu shekaru a raba wa waɗanda suka yi rajista. Don karɓo na ƙasashen waje, yawanci ana ba wani kamfanin kula da haƙƙin marubuta wakilci, irin Songtrust, ya riƙe kashi 15 zuwa 20. In mun cire 15, saura miliyan 1 da dubu 275: shi dubu 510, abokinsa dubu 510, mai kiɗa dubu 255.

Na gaya masa gaskiya, kada ya sa ran wannan adadi zai iso cif. Kuɗin marubuta yana jinkiri, yakan ɗauki wata shida zuwa shekara ko fiye, kuma na sauraren cikin gida ya fi na waje wuyar fitowa. Amma ya lura da abu ɗaya: a ƙarƙashin kamfanin farko, inda bashi ya toshe masa kuɗin naɗi, wannan ne kaɗai bututun da zai ci gaba da ɗigo masa. Shi ya sa na ja layi a ƙarƙashin wata jimla a takardarsu da ta ce ya miƙa "duk haƙƙoƙin da ke cikin waƙoƙin". Da wannan jimla sun haɗiye dukiya ta biyu ba tare da sun biya ta ba, har ma ya sayar da rabon abokinsa da ba nasa ba. Dokarmu ta ce miƙa haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, wannan kariya ce ga wanda bai sa hannu ba, amma wanda ya sa hannu a kan faffadar jimla ya rufe wa kansa ƙofa.

Batun mai kiɗa da mai amshi shi ne inda zumunci ya fi lalacewa a situdiyoyinmu. Al'adarmu ita ce a biya mai kiɗa kuɗin aiki, a biya yarinyar da ta yi amshi, kowa ya kama gabansa, babu takarda. Muddin waƙar ba ta yi kuɗi ba, lafiya lau. Ranar da ta fashe sai mai kiɗa ya ce shi aikin hannunsa aka biya, bai sayar da kiɗansa ba, kuma maganarsa tana da ƙarfi tunda babu rubutu. Na san wata waƙa da aka sauke daga manhajoji ana tsakiyar cin kasuwarta saboda irin wannan ƙorafi, kuɗinta ya maƙale wata da watanni. Maganin takarda ɗaya ce da za a rubuta ranar naɗi, kafin kowa ya san abin da waƙar za ta zama: sunan kowa na gaskiya, abin da ya yi, kasonsa a waƙa, kasonsa a naɗi in akwai, ko kuma bayanin cewa an biya shi gaba ɗaya, kowa ya sa hannu. In ba ka da kuɗin biyan mai kiɗa yadda ya kamata, ka ba shi kaso a naɗi, kuma dillalai irin DistroKid suna da tsarin Splits da ke tura wa kowa rabonsa kai tsaye, ba sai kuɗin ya bi ta hannunka ya zama abin zargi ba. In kuwa da kamfani za ka yi, ka tambaya daga kason wa za a biya mai kiɗa. Sau da yawa daga na mawaƙi ne, sai 20 ta koma 16.

Ya tambaye ni, "To Kawu, in kai ne ya za ka yi?" Na ce takardar farko ba zan sa mata hannu yadda take ba. Miliyan 1 ba ta kai farashin naɗi na har abada haɗe da waƙar kanta ba. Irin wannan kwantiragi yana dacewa ne da wanda aka ba kafin alƙalami mai nauyin da ko bai ƙara ganin komai ba ya gamsu, daga kamfanin da ya tabbatar yana iya kai mawaƙi inda ba zai kai kansa ba. Tsayuwa da kai ta fi dacewa da wanda ya riga ya tara jama'arsa, yana da tashar da ke kawo kuɗi, yana kuma da haƙurin zama da lissafi da cika takardu. Shi kuwa yana tsakiya: yana da murya da 'yan masoya, ba shi da jari. Don haka na karkata ga kamfani na biyu, bisa sharuɗɗa: a fara da waƙoƙi uku ba duk abin da zai yi cikin shekara biyar ba, a ƙayyade kuɗin aiki, bidiyo ya hau tasharsa, haƙƙin waƙa ya zauna wurin marubutanta, a riƙa ba shi lissafi duk wata uku tare da ainihin rahoton dillali ba wanda aka sake bugawa a ofis ba, kuma a bar masa shiga Spotify for Artists da YouTube Studio. Da waɗannan biyun zai riƙa ganin yawan saurare da ƙasashen da ya fito da idonsa. In rahoton kamfani ya nuna dubu 200 a watan da allonsa ya nuna dubu 500, ko ya ga babu Saudiyya da Nijar a rahoton alhali yana da jama'a a can, ya san akwai abin tambaya.

Washegari ya kira abokinsa da mai kiɗan suka rubuta rabon waƙoƙin uku a takarda ɗaya, kowa ya riƙe kwafi. Takardar kamfani na biyu kuma ya kai wa wani lauya a Sabon Gari tare da sharuɗɗan da muka lissafa. Kamfanin ya amince da biyar, ya ƙi batun tasha, ya ce bidiyon farko dole ya hau tasu tunda su suka biya shi. Yanzu ana kan maganar ko za a raba kuɗin tallan wannan bidiyon biyu, na biyu da na uku kuma su hau tashar yaron.